Za mu sauya lokacin aiki a ofis, ta yaya zan sanar ba tare da hankalin mutane ya tashi ba?

Sakatariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma da ɗan gaggawa. Ni ce nake rubuta sanarwar cikin gida a wurin aikinmu, mu 46 ne gaba ɗaya. Yanzu muna shiga ƙarfe 8:00 na safe mu tashi 4:00 na yamma, da hutun minti 30 a tsakiya. Jiya Manaja ya kira ni ya ce daga Litinin mai zuwa, 9 ga Fabrairu, za a koma shiga 9:00 a tashi 5:30, hutu kuma ya zama awa ɗaya. Dalilinsa shi ne da safe kusan babu mai zuwa wurinmu, amma daga ƙarfe 4:00 mutane suna zuwa su tarar mun rufe. Ga abin da na rubuta:

"MUHIMMIYAR SANARWA. Sakamakon halin da ake ciki, hukumar gudanarwa ta yanke shawarar yin wasu sauye-sauye a tsarin aiki. Daga mako mai zuwa lokacin aiki zai koma 9:00 zuwa 5:30. Ana buƙatar kowa ya ba da haɗin kai. Za a yi ƙarin bayani nan gaba."

Na karanta ya fi sau goma, zuciyata ba ta kwanta da shi ba, amma na kasa gane inda matsalar take. Bara an sallami mutum uku, har yanzu mutane a tsorace suke. Ba na so takardata ta zama sanadin wani tashin hankalin.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya, kada ki tura wannan. Na yi shekaru ina rubuta irin waɗannan takardu, kuma abin da na lura da shi shi ne ma'aikaci ba ya karanta sanarwa don ya san abin da hukuma ta yanke, yana karantawa ne yana neman amsar tambayoyinsa uku: kuɗina zai ragu? Aikina yana nan? Yaya zan yi da gidana? Duk wadda takardar ba ta amsa ba, shi zai amsa wa kansa, kuma mafi munin amsa zai zaɓa.

Ki sa kanki a matsayin wanda aka sallami abokin zamansa bara, ki sake karanta layinki na farko. "Sakamakon halin da ake ciki." Wane hali? Shi abin da zai ji shi ne kuɗi sun ƙare. "Wasu sauye-sauye", jam'i ne, ke nan akwai saura a hanya. Sai ki rufe da "za a yi ƙarin bayani nan gaba", wato akwai abin da aka ɓoye. Alhali duk labarin bai wuce cewa masu hulɗa da ku sun fi zuwa da yamma ba. Wannan ai labari ne mai daɗi, aiki ne yake neman ku. Me ya sa za a lulluɓe shi?

Kanun ma ki canza. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma "muhimmiyar sanarwa" da manyan baƙaƙe tsumman ke nan. Ki sa labarin a cikin kanun kansa: "Sabon lokacin aiki daga ranar kaza: 9:00 zuwa 5:30." Wanda bai buɗe saƙon ba ma ya riga ya san abin da ke ciki, gabansa ba zai faɗi ba.

Manajan Reshe:
Da girmamawa Baba, ni ina ganin ana tsawaita abin da bai kai ba. Sanarwa gajera ta fi. Ka ba da dalili, ka buɗe ƙofar gardama, kowa ya zo da nasa lissafin. Ni layi biyu nake rubutawa: ga sabon lokaci, ga ranar farawa, sa hannu. Wurin aiki ba majalisa ba ne.

Baba Mai Ritaya:
Malam, a kan gajarta muna tare. Takardar da ta wuce shafi ɗaya ba a karanta ta, kuma yawan ba da haƙuri da lallashi shi kansa yana sa mutum ya yi zargin akwai wani abu. Amma dalili jimla ɗaya ce tak. In ba ka faɗa ba, ba wai gardamar ba za a yi ta ba ne, za a yi ta ne a inda ba ka nan, a kan dalilin da wani ya ƙirƙira.

Sabon Shiga:
Ni dai a ganina tunda an rage muku lokaci ai murna za su yi. Wa zai ƙi ya ƙara barcin awa ɗaya? Ki tura kawai Anti.

Sakatariya:
Ƙanena ba ragewa aka yi ba, matsar da shi aka yi. Za mu shiga a makare amma mu tashi 5:30 maimakon 4:00. Jimillar awannin dai ɗaya ce, awa 7 da rabi kullum. Baba, ke nan sai in ƙara layi in ce "awannin aiki ba su canza ba"?

Akawu:
Dakata Hajiya, a nan nake so mu yi lissafi tukuna, don wannan layin zai iya jawo miki abin da kike gudu.

Tsohon tsari: 8:00 zuwa 4:00 awa 8 ke nan a ofis, a cire minti 30, saura awa 7 da rabi na aiki. Sabo: 9:00 zuwa 5:30 awa 8 da rabi a ofis, a cire awa ɗaya, saura awa 7 da rabi. A takarda kin yi gaskiya, awa 37 da rabi ne a mako a duka biyun. Amma mutum ba a takarda yake rayuwa ba. Shi abin da zai gani shi ne zamansa a ofis ya ƙaru da minti 30 kullum, awa 2 da rabi a mako, kuma zai bar ofis awa ɗaya da rabi bayan lokacin da ya saba. In kika rubuta "ba abin da ya canza" kawai, cikin minti biyar wani zai ƙirga a yatsunsa ya ce an yi mana wayo. Daga nan ko gaskiya kika faɗa a sauran takardar ba za a yarda ba.

Ki faɗa da kanki kafin su gano. Misali: "Awannin aiki suna nan yadda suke, 7 da rabi a rana. Hutu ya ƙaru daga minti 30 zuwa awa ɗaya, saboda haka zamanmu a ofis zai ƙaru da minti 30." Shi ke nan.

Sai tambaya ta biyu wadda ta fi damuna. Waɗannan mutanen da ke zuwa bayan 4:00, duk komawa suke yi, ko akwai ma'aikatan da ke tsayawa su saurare su? In akwai, ana biyansu obataim?

Sakatariya:
Kai, Malam Akawu, ban taɓa kawo wannan a raina ba. Akwai mutum shida a teburin karɓar baƙi da wurin karɓar kuɗi da suke tsayawa bi da bi har 5:00 ko 5:30, kuma ana biyansu kuɗin ƙarin lokaci a ƙarshen wata.

Akawu:
To kin gani. Daga ranar da sabon tsari ya fara, 4:00 zuwa 5:30 ya zama lokacin aiki na kowa, obataim ɗin nan ya tafi. Albashinsu na asali bai taɓu ba, amma abin da ke shiga aljihunsu ya ragu. Wanda yake tsayawa sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi kowane lokaci, ya rasa kuɗin awa 3 a mako, kusan awa 12 a wata. Wataƙila ya riga ya ɗora wata hidima a kan kuɗin. In kika rubuta "babu wanda kuɗinsa zai ragu", kin yi wa mutum shida ƙarya ba da niyya ba, kuma takardar albashin wata mai zuwa ce za ta tona.

Abin da za ki iya rubutawa da gaskiya shi ne "albashi da alawus ba su canza ba, kuɗin ƙarin lokaci zai fara ƙirguwa daga 5:30". Amma mutum shidan nan kada su fara jin labari a takardar kowa da kowa. A zauna da su tukuna.

Uwar Biyu:
Ni bari in faɗi abin da ya same ni, don ku da kuke rubutawa ku san yadda abin yake a ɗaya ɓangaren. A inda nake aiki a da, ranar Juma'a ana saura 'yan mintoci a tashi aka turo imel cewa daga Litinin an ƙara mana awa ɗaya da yamma. Wanda ya tura ya riga ya fita. Babu wanda za ka tambaya. Yarana biyu ana tashinsu daga makaranta, mai kula da su kuma tana tafiya ƙarfe 5:00 saboda ita ma tana da nata. Kwana biyun nan ban yi barcin kirki ba, ina ta buga waya ina neman wanda zai riƙe min su. A dandalin WhatsApp na ma'aikata kuwa kafin daren Asabar labari ya koma wai za a rufe sashe guda. Ba gaskiya ba ne, amma mutum biyu har sun fara neman aiki a wani wuri.

Wallahi ba sauyin ne ya ɓata min rai ba, daga baya ma na saba. Abin da ya tsaya min shi ne yadda aka nuna kamar ba mu da wata rayuwa bayan ƙofar ofis. Da an ba ni mako uku da na shirya ba tare da na roƙi kowa ba.

Yar uwa, in kina da bakin magana wurin Manaja, ki roƙe shi ya ɗaga ranar. Kwana shida bai isa ba.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya saka, Maman yara, kin faɗi abin da ya fi duk gyaran kalmomi muhimmanci. 'Yata, sanarwa komai kyanta ba ta gyara wa'adin da ya yi kaɗan. Mai yara zai sake tsari da makaranta, mai karatun yamma zai duba jadawalinsa, mai bin motar haya zai duba ko zai samu a sabon lokacin, wanda suke haɗa mota da maƙwabci zai nemi wata hanya. Waɗannan ba a gama su a ƙarshen mako ɗaya. Ni a aikina ban taɓa yarda da ƙasa da mako biyu ba, kuma in tashi ne ya matsa da fiye da awa ɗaya irin naku, mako uku zuwa huɗu nake nema. Wannan ba doka nake kawo miki ba, abin da na ga yana aiki ne.

Ki kai wa Manaja shawarar a fara Litinin 2 ga Maris. Kada ki ce masa "mutane za su ji haushi", zai ce su ji. Ki ba shi hujjar da ta shafe shi: in aka fara 9 ga Fabrairu, wata ɗaya zai rabu gida biyu, mako ɗaya a tsohon lissafin obataim, sauran a sabo, kuma sashen kuɗi ne zai sha wahala. Ga na'urar dangwala yatsa ko rajistar zuwa aiki da sai an sake saita ta. Ga masu hulɗa da ku da su ma sai an sanar da su, in ba haka ba za su zo 8:00 su tarar da ƙofa a rufe, ku kuma ku zauna har 5:30 ba wanda ya san kuna nan. Farkon wata ya fi tsabta ga kowa.

Sai tsarin fitar da labarin, wanda a nan ne aka fi yin ɓarna. Ga yadda zan yi da ni ne. Ranar Litinin da rana Manaja ya tara shugabannin sassa, ya gaya musu, ya ba su amsoshin tambayoyin da aka san za a yi. A ranar a zauna da mutum shidan nan. Talata da safe, kamar ƙarfe 10:00, takarda ta fita ga kowa a lokaci ɗaya. Kada tazarar da ke tsakanin shugabanni da sauran ma'aikata ta wuce kwana ɗaya, domin zancen duniya ba ya ɓuya, kuma labarin da ya fita ta bayan gida kullum a karkace yake fita. Dalilin fara gaya wa shugabanni kuwa, duk wanda ya karanta takarda wurin ogansa zai fara juyawa. In ogan ya ce "wallahi ni ma yanzu nake gani", to an gama tsorata sashen gaba ɗaya.

Kuma ranar da takardar ta fita, Manaja ya kasance yana ofis, ƙofarsa a buɗe. Ba ranar da zai yi tafiya ba.

Ɗan Ƙungiya:
Duk kuna ta maganar yadda za a faɗa, ba wanda ya tambaya ko suna da ikon yi. Hajiya, ki ɗauko takardar kama aikinki ki duba. In an rubuta "8:00 zuwa 4:00" ƙarara a ciki, to lokacin ya zama sharaɗin yarjejeniya, kuma a ƙasashe da yawa ba a canza sharaɗi da sanarwa kawai, sai da tuntuɓa da amincewa. In kuwa an rubuta adadin awanni ne a mako tare da cewa hukuma za ta iya tsara lokacin, hanya ta fi sauƙi. In kuna da ƙungiya ko wakilan ma'aikata, da su ake fara zama. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1930 ta yi yarjejeniya ta 30 musamman kan lokacin aiki a ofisoshi da wuraren kasuwanci, awa 8 a rana, 48 a mako. Ba yau aka fara ɗaukar lokacin ma'aikaci da muhimmanci ba.

Akawu:
Gaskiya ne ɗan uwa, amma awa 37 da rabi ai ba ta kusa da 48 ba, don haka ba ta nan matsalarsu take ba. Maganarka ta farko ce mai nauyi, ta takardar kama aiki. Wannan kam a duba kafin a tura komai, kuma wanda ya san dokar ƙwadago ta ƙasar da suke ya duba, don kowace ƙasa da nata tsarin.

Sakatariya:
Na duba tawa. An rubuta awa 37 da rabi a mako, "bisa lokacin da hukuma ta tsara". Ba mu da ƙungiya. Amma an ce tsofaffin ma'aikata takardarsu daban ce, gobe zan roƙi a fito min da ita.

Direba:
Ranku ya daɗe, ku yi haƙuri in sa baki. Duk maganar imel ake yi. Mu direbobi da masu shara da masu gadi da masinja ba mu da imel ɗin ofis. Sau da yawa sai mun zo mun ga abu ya canza muke sani. Kuma ku duba, in an ce lokacin aiki ya koma 9:00, mai shara da ke zuwa awa ɗaya kafin kowa, 8:00 zai zo ko 7:00 ɗinsa na da? Ni da nake kai ma'aikata gida, 5:30 ne tashina ko sai na dawo da mota? Ba wanda yake rubuta wannan. Sai ka yi yadda ka fahimta a ba ka takardar tuhuma.

Sakatariya:
Malam, na gode ƙwarai, ka tuna min da mutum bakwai da na manta da su gaba ɗaya, kuma na ji nauyin hakan. Zan liƙa a allon sanarwa, in kuma roƙi shugabansu ya tara su ya karanta musu a safiyar da imel zai fita, tare da lokacin kowannensu.

Ga sabon abin da na rubuta, ku duba min:

"Sabon lokacin aiki daga Litinin 2 ga Maris: 9:00 zuwa 5:30

Daga Litinin 2 ga Maris za mu riƙa shiga aiki ƙarfe 9:00 na safe mu tashi 5:30 na yamma, Litinin zuwa Juma'a, maimakon 8:00 zuwa 4:00. Hutu zai zama awa ɗaya maimakon minti 30.

Dalili shi ne masu hulɗa da mu sun fi zuwa da yamma, da yawa suna tarar mun rufe.

Awannin aiki suna nan 7 da rabi a rana, sai dai zamanmu a ofis zai ƙaru da minti 30 saboda tsawon hutun. Albashi, alawus da kwanakin hutun shekara ba su canza ba. Kuɗin ƙarin lokaci zai fara daga 5:30. Babu wanda za a sallama.

Direbobi, masu gadi, masu shara da masinja za su karɓi nasu jadawalin daga shugabansu yau.

Mun san sabon lokacin tashi zai shafi tsarin wasu. Duk mai uzuri ya ga shugaban sashensa ko ni kafin Laraba 18 ga Fabrairu, za a ba shi amsa cikin mako ɗaya."

Manajan Reshe:
To, wannan ya fi na farko, ba zan musa ba, kuma bai yi tsawo ba. Amma ki cire "babu wanda za a sallama". Wa ya yi maganar sallama? Ke da kanki kin jefa kalmar a zukatansu. Wanda bai yi tunanin ba ma yanzu zai fara. Na biyu, alkawari ne da ba ki da ikon cikawa. In bayan wata huɗu aka sallami wani saboda wani dalili daban, takardarki za a ɗago.

Uwar Biyu:
A'a Malam, a wurin da aka sallami mutum uku bara, ba ita za ta jefa musu tunanin ba, yana nan zaune. Ni da aka rubuta mana wannan layin a lokacin, da na samu barci.

Baba Mai Ritaya:
Kowannenku yana da rabin gaskiya. A ofishin da hankali ke kwance, ni ma ba zan sa ba, don ka musanta abin da ba a zarge ka da shi ba yana haifar da zargi. A ofishin da ke da tabo irin nata, shiru ma magana ce. Amma Malam ya yi daidai a kan alkawarin, ya yi faɗi da yawa. A taƙaita shi ga abin da aka sani: "Wannan sauyi na lokaci ne kawai, bai shafi matsayi ko aikin kowa ba." Kalmar sallama ba ta fito ba, amma an amsa tambayar. Kuma 'yata, ko wannan ɗin kada ki rubuta sai kin tambayi Manaja baki da baki ya tabbatar miki. In ya yi jim, ko ya ce "bar wannan tukuna", to ki bar shi, kada ki sa sunanki a kan abin da ba ki da tabbas.

Wasu 'yan gyare-gyare. Manaja ne zai sa hannu, ba ke ba, domin shi ya yanke hukunci, kuma takardar da "hukuma" ta sa wa hannu babu fuskar da za a tambaya. Ki faɗi yadda hutun zai kasance, in kowa zai fita lokaci ɗaya ko bi da bi, don teburin baƙi ba zai zauna ba kowa ba. Sannan "duk mai uzuri ya zo" yana da haɗari in ba a shirya abin da za a ba shi ba. Kafin takarda ta fita, Manaja ya yanke iyakar sassaucin da zai iya: misali wanda ke da uzuri na gaske ya shiga 8:00 ya tashi 4:30, awannin ɗaya ne, muddin kowane sashe yana da mai tsayawa har 5:30. In aka gayyaci mutane su kawo kuka aka sallame su duka da "sai haƙuri", gara ba a gayyace su ba.

Akawu:
In ƙara ɗaya. Minti 30 ɗin nan da aka ƙara wa hutu, wa ya nema? In ba wanda ya nema, a bar hutun a minti 30 a tashi 5:00, rabin ƙorafin ya mutu tun kafin a haife shi. Sai dai in dokar wurinku ta wajabta awa ɗaya, ko kuma 5:30 ɗin ce ainihin abin da Manaja ke so.

Sakatariya:
5:30 ɗin yake so, ya ce tsakanin 5:00 da 5:30 ne waɗanda suka taso daga nasu aikin suke isowa.

Ɗan Ƙungiya:
To a rubuta cewa gwaji ne na wata uku, mutane za su fi karɓa.

Baba Mai Ritaya:
In gwajin ne da gaske, a rubuta, a sa ranar da za a zauna a duba, kamar 1 ga Yuni, a kuma faɗi abin da za a duba: yawan masu zuwa bayan 4:00, yawan makara, da koken ma'aikata. In kuwa an riga an yanke ba komawa, kada a kira shi gwaji don a sanyaya zuciya. Ranar za ta zo, mutane suna ƙirgawa, kuma sanarwa ta gaba ita za ta biya bashin.

Yadda za ki gane ko saƙon ya isa: ki saurari irin tambayoyin da za su zo a kwana biyun farko. In kika ji "hutun ƙarfe nawa ne" ko "zan iya musanya rana da wane", an fahimta, ana shiri ne. In kika ji "me ke faruwa ne" ko "gaskiya ne wai…", ko kuma shiru ya yi yawa alhali ana ta ƙus-ƙus a baranda, akwai ramin da ba a cike ba, Manaja ya tara mutane minti goma sha biyar ya amsa da bakinsa. Sannan ki sake tura tunatarwa ta layi biyu ranar Alhamis kafin a fara. Makon farko kuma a ɗaga ƙafa, wani zai zo 8:00 bisa sabo, wata za ta nemi fita da wuri saboda tsarin gida bai gama zama ba.

Sakatariya:
Na dawo da labari. Na ga Manaja yau da safe. Ya yarda da 2 ga Maris, hujjar lissafin wata ce ta shige shi. Ya yarda zai sa hannu, ya kuma tabbatar min sauyin bai shafi aikin kowa ba, don haka na sa layin Baba. Shiga 8:00 a tashi 4:30 ya ce mutum ɗaya a kowane sashe kawai. Gwaji kuwa ya ce a'a, ba gwaji ba ne, na cire. Takardun tsofaffin ma'aikata mutum huɗu an rubuta 8:00 zuwa 4:00 a ciki, ya ce zai nemi shawarar lauya kafin Litinin.

Inda muka tsaya shi ne mutum shidan nan. Na ce ko za a ba su wani abu na wata biyu ko uku kafin su saba, ya ce obataim ba haƙƙi ba ne, aiki ne aka yi aka biya, yanzu kuma babu shi. Kuma ni ya ce in zauna da su ranar Litinin.

Akawu:
Ta fuskar lissafi yana da hujja, amma zaman bai kamata ya zama naki ke kaɗai ba, tunda tambayar farko da za su yi ba ki da ikon amsa ta. Ki roƙi shugaban sashensu ya zauna tare da ke, kuma ki je da takardun obataim ɗinsu na wata uku da suka wuce, kowa ya ga nasa adadin shi kaɗai, ba a gaban sauran ba.

Uwar Biyu:
Mutum ɗaya a kowane sashe? In uku suka nema fa, wa zai zaɓa, kuma da wane ma'auni? Yar uwa ki tambaye shi wannan kafin Talata, don wallahi a nan rigimar za ta tashi.

Sakatariya:
Ban tambaya ba. A sashenmu kaɗai na san mata biyu da namiji ɗaya da za su nema. Gobe da safe zan koma wurinsa, zan ba shi shawarar a riƙa yi bi da bi wata-wata, in ji abin da zai ce.